Fashin Baƙi: Yadda ake lissafin matsakaicin sa'o'in aiki na mako ga ma'aikatan da ba su da tsayayyen lokaci

A Zonkwa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, da Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, lokacin aiki a rumbunan ajiyar citta yana bin kaka ne. Idan an fara haƙar citta a ƙarshen shekara, leburorin da ke tsagawa da shanyawa da ɗura buhu da lodin mota kan wuni a bakin aiki tun sassafe har faɗuwar rana. Da kaya sun ja baya, sai a riƙa tashi da wuri. A irin wannan aiki, tambayar sa'o'i nawa mutum yake yi a mako ba ta da amsa guda, kuma a kanta ne saɓani kan kuɗin ƙarin lokaci ya fi tasowa.

Hanyar da ake bi wajen samun amsa ita ce a ware wasu makonni, a tara sa'o'in da aka yi a cikinsu, sannan a raba da yawan makonnin. Waɗannan makonni su ne wa'adin lissafi. A baki abin yana da sauƙi, amma rajista guda tana iya ba da amsoshi uku mabambanta, gwargwadon yadda aka yi da ranakun da ma'aikaci bai zo ba da kuma abin da aka yi yarjejeniya a kai.

Abin da doka ta tanada

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yanke adadin sa'o'in mako ba. Sashe na 13 ya bar tsayar da sa'o'in aiki na yau da kullum ga yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ko ga sasantawa da ƙungiyar ƙwadago, ko ga hukumar tsayar da albashi ta masana'antar. Duk abin da ya haura sa'o'in da aka tsayar, ƙarin lokaci ne. Dokar ba ta ambaci wa'adin lissafi ba, ba ta kuma yanke farashin sa'ar ƙarin lokaci ba. Saboda haka, wanda yake son a yi lissafi bisa matsakaici, wajibi ne ya sa hakan cikin yarjejeniya tun farko. Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki, kuma sa'o'in aiki suna cikin abubuwan da takardar za ta bayyana.

A wasu wurare an rubuta wa'adin a doka. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 1919 ta tsayar da sa'o'i 8 a rana da 48 a mako ga masana'antu, ta kuma yarda a yi wa masu aikin karɓa-karɓa matsakaici a cikin makonni uku ko ƙasa da haka. Birtaniya, a ƙa'idojinta na 1998, ta ɗauki makonni 17 da iyakar sa'o'i 48. Waɗannan ba dokokin Najeriya ba ne, sai dai tsarin lissafinsu abin aro ne ga masu rubuta yarjejeniya a nan.

Misali daga rumbun citta

A ɗauka wani lebura yana aiki a wani rumbu a Zonkwa. An yi yarjejeniya da shi a kan kwana shida a mako, sa'o'i 8 kowace rana, wato 48 a mako, da naira 500 a kan kowace sa'a ta ƙarin lokaci. Alƙaluman na misali ne domin a ga yadda lissafin yake tafiya.

Matakin farko shi ne sanin abin da za a ƙidaya. Wanda ya shiga da ƙarfe 7 na safe ya fita da 6 na yamma ya shafe sa'o'i 11 a wurin, amma idan an ba shi hutun sa'a guda, 10 za a rubuta. Dokar ta ce wanda zai yi aikin sa'o'i shida ko fiye a rana yana da haƙƙin hutun da jimillarsa ba ta gaza sa'a guda ba, kuma hutu a ma'anarta shi ne lokacin da aka tsayar tun da farko, wanda ma'aikaci yake da 'yancin barin wurin aiki a cikinsa. Don haka zaman jiran tirela da aka ce kada kowa ya motsa har ta iso bai cika sharaɗin hutu ba, bai kuma dace a cire shi daga sa'o'in aiki ba.

Rajistar leburan ta makonni takwas ta nuna cewa a makonni huɗu na farko, lokacin da kaya suka yi yawa, ya yi sa'o'i 60, da 66, da 60, da 54. A mako na biyar ya yi 48, a na shida 42. A mako na bakwai zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, ya kawo takardar likita, ya yi sa'o'i 24 a sauran kwana ukun. A na takwas ya yi 42. Jimilla ta kama sa'o'i 396.

Idan aka raba 396 da 8, za a sami 49.5. Bisa wannan, abin da ake bin sa a makonni takwas shi ne 384, ƙarin lokacinsa 12 ke nan, kuɗinsa naira 6,000. Wannan ita ce amsar da aka fi saurin kaiwa gare ta, kuma akwai kuskure a cikinta.

Inda kuskuren yake

An ƙidaya kwana ukun jinya tamkar ranakun aiki ne da leburan ya zo bai yi komai ba. Sa'o'i 24 da ya rasa saboda rashin lafiya sun cinye 24 daga cikin ƙarin lokacin da ya riga ya yi a makonnin baya. Alhali Sashe na 16 ya ba ma'aikaci haƙƙin albashi na ranakun jinya har kwana 12 na aiki a shekara, muddin likita mai rajista ya tabbatar. Ba daidai ba ne a ba shi da hannun dama a karɓe da na hagu.

Gyara yana da hanya biyu. Ta farko ita ce a cire ranakun daga abin da za a raba da shi. Kwana uku a makon kwana shida rabin mako ne, don haka makonnin sun zama 7.5. Idan aka raba 396 da 7.5, matsakaici ya zama 52.8. Sa'o'in da ake bin sa sun koma 360, ƙarin lokacinsa 36, kuɗinsa naira 18,000.

Ta biyu ita ce wadda ƙa'idojin Birtaniya suke bi wajen duba ko an wuce iyaka. Ana barin makonni takwas yadda suke, sai a cike gurbin kwana ukun da sa'o'in kwana uku na farko da ma'aikaci ya yi bayan wa'adin ya ƙare. Idan ya yi sa'o'i 8 a kowace daga cikinsu, jimilla ta zama 420, matsakaici 52.5. Hanyoyin biyu sun kusa haɗuwa, kuma dukkansu sun yi nesa da 49.5. Haka ake yi da hutun shekara da hutun haihuwa.

Akwai kuma ƙaramin kuskure da kan ɓata rajista. Adadin 52.8 ba sa'o'i 52 da minti 8 ba ne, sa'o'i 52 ne da minti 48. Haka nan sa'o'i 7 da minti 30 ana rubuta su 7.5 ne kafin a tara. Wanda ya rubuta 7.30 ya rage wa ma'aikaci minti 12 a wannan rana.

Amsa ta uku

Duk lissafin da ya gabata ya dogara ne ga cewa an amince da matsakaici a yarjejeniya. Idan takardar ta ce sa'o'i 48 a mako kawai, ma'aikaci yana da hujjar cewa kowane mako cin gashin kansa yake yi. A makonni huɗu na farko ya haura da 12, da 18, da 12, da 6, jimilla 48, kuɗinsu naira 24,000. Sa'o'i shida-shida da aka tashi da wuri a mako na shida da na takwas ba za su rage komai ba, tunda ba shi ya hana aikin samuwa ba.

Rajista guda ke nan ta ba da naira 6,000, da 18,000, da 24,000. Ta farko kuskure ce. Tsakanin ta biyu da ta uku kuwa, abin da aka rubuta a takarda ne zai raba gardama.

Tsawon wa'adi da iyakar matsakaici

Tsawon wa'adin yana sauya amsa. Makonni huɗu na farko kaɗai sun ba da matsakaicin 60. Da za a ja wa'adin har cikin damina, lokacin da rumbu ba ya da kaya sosai, matsakaicin zai iya sauka ƙasa da 48, ƙarin lokacin ya ɓace gaba ɗaya. Shi ya sa ake tsayar da ranar farawa da ranar ƙarewa kafin a soma aiki, domin kada wani ɓangare ya zaɓi makonnin da suka yi masa daɗi bayan ya ga alƙaluma.

Ga masu aikin karɓa-karɓa, wa'adin ya kamata ya ƙunshi cikakkun zagaye. Mai gadin da ke yin kwana huɗu na sa'o'i 12 ya huta kwana huɗu, zagayensa kwana takwas ne, don haka wani mako yana yin 48, wani 36. Sai a makonni takwas, wato kwana 56, zagayen yake cika sau bakwai, a sami 336, matsakaici 42.

Akwai haƙƙoƙin da matsakaici ba ya shafewa. Dokar ta ba ma'aikaci hutun sa'o'i 24 a jere a kowane kwana bakwai. Idan aka tauye shi, ko dai a rama masa cikin kwana 14, ko a biya shi a farashin ƙarin lokaci. Haka kuma matsakaicin 52.8 ba ya nuna cewa a mako na biyu leburan ya yi sa'o'i 11 kullum yana ɗaukar buhu, don haka a riƙa duba mako mafi nauyi tare da matsakaicin.

Waɗannan tanade-tanade sun shafi leburori da akawuna ne, domin ma'anar ma'aikaci a dokar ba ta haɗa da manajoji da ƙwararru ba, waɗanda takardar ɗaukarsu aiki ce madogararsu. Sashe na 75 ya wajabta wa mai aiki ya adana bayanan albashi da sharuɗɗan aiki har shekara uku. Shi ma ma'aikaci, littafin da yake rubuta lokacin shiga da na fita da na hutu a kowace rana shi ne abin da zai gabatar idan magana ta kai ga jami'in ƙwadago ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.