Shin Garin Kiriyatin Yana Kawo Sanƙo?

A gidajen motsa jiki na ƙasashe da dama, samari masu ɗaga ƙarfe suna yi wa juna gargaɗi a kan wani farin gari da ake kira kiriyatin, wanda sukan dama da ruwa su sha domin ƙarin ƙarfi. Cewa suke yi wai wanda ya dimanci shansa zai sami damtse, amma zai biya da gashin kansa. Idan aka bi sawun wannan magana har tushenta, sai a tarar gaba ɗayanta a kan bincike guda ɗaya tak ta tsaya.

Shi dai kiriyatin ba baƙon abu ba ne ga jikin ɗan Adam. Hanta da ƙoda suna haɗa kimanin giram ɗaya a kowace rana, ana kuma samunsa a cikin nama da kifi. Kusan dukkansa a tsoka yake taruwa, inda yake taimakawa wajen aikin ƙarfi na ɗan gajeren lokaci, kamar ɗaga nauyi ko zabura da gudu. Ba ya cikin sinadaran nan da likitoci ke kira homon, waɗanda jini ke ɗauka suna kai saƙo ga sassan jiki.

Sanƙon maza kuwa da homon yake da alaƙa. Akwai wani sinadari a fata mai suna 5-alfa ridaktes, wanda ke juya homon ɗin maza, watau testostiron, ya zama wani homon da ya fi shi ƙarfi, wanda ake taƙaita sunansa da DHT. Ga mutumin da ya gaji sanƙo, DHT yakan riƙa tsuke saiwar gashin goshi da na tsakar kai sannu a hankali, gashin ya yi ta fitowa siriri kuma gajere, har ya daina fitowa. Tun a 1942 wani masani Ba'amurke, James Hamilton, ya lura cewa mazan da aka dandaƙe kafin su balaga ba sa yin sanƙo, amma da aka ba su testostiron sai gashin waɗanda ke da sanƙo a danginsu ya fara zubewa. Ke nan sai abu biyu sun haɗu: homon da gado.

To, ta ina kiriyatin ya shigo? A 2009 wasu masana na Jami'ar Stellenbosch a Afirka ta Kudu suka buga sakamakon gwajin da suka yi da samari 20 'yan wasan zari-ruga. An ba su giram 25 na kiriyatin kullum har kwana 7, sa'an nan giram 5 kullum har kwana 14. A wani zagayen kuma, da tazarar mako 6 a tsakani, aka ba su sukari zalla ba tare da sun san wanne suke sha ba. Da aka auna jininsu, testostiron bai canza ba, amma DHT ya hau da kashi 56 daga cikin ɗari bayan kwana 7, kuma a ƙarshen mako na uku yana nan da ƙarin kashi 40. Wannan kashi 56 shi ne ya zaga duniya, mutane suka ce tun da DHT ke kawo sanƙo, kiriyatin kuma ya ƙara DHT, ashe magana ta ƙare.

Amma fa masanan nan ba su duba gashin kowa ba. Ba su ƙirga sili ko ɗaya ba, jini kaɗai suka auna. Ko da sun duba ma, mako uku ba ya isa a ga kome, domin gashi kimanin santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata, kowane sili kuma yakan yi shekaru yana tsiro kafin ya faɗi.

Alƙaluman su kansu suna bukatar a zauna a kansu. Kafin samarin su fara shan kiriyatin, awon DHT ɗinsu nanomol 0.98 ne a kowace litar jini. Bayan mako guda ya kai 1.53. Ƙarin 0.55 ke nan, wanda idan aka raba shi da 0.98 zai ba da kashi 56 ɗin nan. Sai dai kafin su fara shan sukari, awon waɗannan samarin dai 1.26 ne. Mutanen ba su canza ba, kuma ba su sha kome ba tukuna, amma mafarin awon biyu ya sha bamban da fiye da kashi 20 daga cikin ɗari. Da a ce daga 1.26 aka fara lissafi, da hawa zuwa 1.53 bai wuce kashi 21 ba. Wanda ya fara awo daga cikin rami, ko tudu kaɗan ya hau sai a ga kamar dutse ya haye. Haka kuma, a lokacin shan sukarin DHT ya ɗan sauka da kansa, abin da ya ƙara faɗaɗa ratar da ke tsakani, ya kuma nuna cewa awon nan yana hawa da sauka ko babu kiriyatin. Duk da hawan, adadin bai fita daga iyakar da ake gani a jinin lafiyayyen namiji ba.

A 2021 wasu masana suka tattara gwaje-gwaje 12 da suka auna testostiron a jinin masu shan kiriyatin. Goma ba su ga canji ba, biyu kuma suka ga ɗan ƙarin da bai taka kara ya karya ba. Sai a 2025 aka buga gwajin farko da ya dubi gashin kansa. An ɗauki maza 45 masu ɗaga ƙarfe, 'yan shekara 18 zuwa 40, aka raba su biyu: wasu na shan giram 5 na kiriyatin kullum, wasu na shan garin da ba shi da wani tasiri, har mako 12. Mutum 38 suka kai ƙarshe. An auna jininsu, an kuma duba yawan gashi da kaurinsa da na'urar ɗaukar hoto, ba a sami bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba, ko a DHT ko a gashi.

Wannan gwaji ma yana da iyakarsa. Mutum 38 ba su da yawa, wata uku kaɗan ne ga abin da ke ɗaukar shekaru, ba a kuma ba su giram 25 irin na Stellenbosch ba. Saboda haka bai isa ya yanke hukunci a kan mai gadon sanƙo da zai shekara biyar yana sha ba. Duk da haka shi ne ya auna abin da ake gardama a kai, kuma bai ga kome ba.

Saura waɗanda ke rantsuwa cewa gashinsu ya fara zubewa bayan sun fara sha. Ba lalle ne ƙarya suke yi ba, amma shekarun da saurayi ke fara zuwa gidan motsa jiki, watau wajen ashirin zuwa talatin, su ne shekarun da sanƙon gado ke soma bayyana ga mutane da yawa. Akwai kuma masu haɗawa da allurai ko ƙwayoyin gina tsoka na sitiroyid, waɗanda dangin testostiron ne, kuma an tabbatar suna gaggauta sanƙo ga wanda ya gada. An ma sha samun irinsu a ɓoye cikin wasu garurrukan ƙarin ƙarfi da ake sayarwa.

Yadda gashin ke tafiya yakan nuna dalilin. Zubewar sili 50 zuwa 100 a rana al'ada ce. Sanƙon gado yakan fara ne daga gefunan goshi da tsakar kai, ya bar ƙeya, kuma silin yakan sirance kafin ya ɓace. Idan kuwa gashi ya zube ko'ina lokaci guda, wata biyu ko uku bayan zazzaɓi mai zafi ko rama mai sauri, wannan wata matsala ce dabam, kuma galibi gashin yakan komo da kansa cikin 'yan watanni.