"Gobe da Asuba Zan Fara," In Ji Mai Barcin Rana

Idan jarrabawar JAMB ta matso, azuzuwan firamare na unguwanni a Kano da Zariya da Katsina ba sa zama wayam bayan la'asar. Samari da 'yan mata kan haɗu biyar-biyar ko shida-shida, su zauna a kan bencin yara suna bitar tambayoyin shekarun baya. A tsakiyar allo akan ga lissafi ko jadawalin karatu. A can gefe kuwa, wasu rukunonin sukan ja layi da alli su ware wata 'yar kusurwa, inda duk wanda bai yi aikin da ya ɗauka ba zai rubuta wa kansa ba'a da hannunsa.

Ga irin abin da mai leƙawa zai iya tararwa: "'Gobe da asuba zan fara,' in ji mai barcin rana." Ƙasa da shi wata ta rubuta: "'Bari in duba saƙo ɗaya,' in ji wadda caji ya ƙare a hannunta." Wani kuma ya yi wa kansa kirari: "Ni ne gwanin jera littattafai, mai goge tebur har ya yi ƙyalli, wanda shafin farko bai taɓa ganin idonsa ba."

Wannan salo ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tsarin karin magana mai "in ji" ne, irin su "'Ban sa a ka ba,' in ji ɓarawon tagiya." Rabin farko magana ce da kowa zai iya faɗa ba tare da an ɗaga kai ba. Rabi na biyu ne ke fallasa mai maganar, kuma a nan dariyar take. Da wuya a sami ma'aunin da ya dace da mai jan ƙafa kamar wannan, domin shi ma rayuwarsa kashi biyu ce: uzurin da yake faɗa da baki, da abin da kowa ya ga ya yi. Ɗalibai kan kuma murɗe tsofaffin karin magana. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, sai wani ya ƙara da cewa, "amma ni a tasha nake fafe nawa." An ce da sanyin safiya ake kama fara, sai wata ta amsa, "tawa farar ta san sai azahar nake fitowa."

Cutar da suke yi wa dariya gama-gari ce. A shekarar 2007, Piers Steel na Jami'ar Calgary a Kanada ya tattara binciken da aka yi a kan ɗage aiki, inda ya kawo ƙiyasin cewa kashi 80 zuwa 95 cikin ɗari na ɗaliban jami'a sukan ja ƙafa a karatunsu. Masana halayyar ɗan Adam irin su Timothy Pychyl da Fuschia Sirois sun nuna cewa sau da yawa abin ba lalaci ba ne tsagwaronsa. Mutum na gudun ɓacin ran da aikin ke jawo masa ne: tsoron ya buɗe littafin Kimiyya ya ga bai gane komai ba. Ya rufe littafin, ya ji sanyi na ɗan lokaci, gobe kuma kunya ta ƙaru a kan tsoron, littafin ya ƙara nauyi.

Nan ne amfanin kusurwar allon yake fitowa. A 2010, Michael Wohl da Pychyl da Shannon Bennett sun bi ɗaliban ajin farko a Jami'ar Carleton tsakanin jarrabawa biyu. Waɗanda suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin ta farko sun rage jan ƙafa kafin ta biyu. Binciken a kan yafe wa kai aka yi shi, amma ana iya ganin dangantakarsa da barkwanci. Yarinyar da ta rubuta cewa caji ya ƙare a hannunta ta amsa laifinta a gaban ƙawayenta, an yi dariya, magana ta wuce. Ba ta da sauran dalilin ƙin zuwa gobe don gudun a tambaye ta. Rukunin karatu yakan mutu ne daga ranar da masu jin kunya suka fara ɓuya.

Sai dai dariya kaɗai ba ta karanta shafi ko ɗaya. A ɗauki misalin ɗalibin da ke da babi 24 na Kimiyyar Sinadarai, jarrabawa kuma saura mako shida. Rabonsa babi huɗu ne a mako, abin da zai iya yi yana taya mahaifinsa zaman shago. Ya ɗage mako biyu, rabon ya koma shida a mako. Ya ƙara ɗage uku, sai ga babi 24 a kwana bakwai, wato fiye da uku kullum, ga sauran darussa uku na jiransa, tunda JAMB darussa huɗu ake rubutawa, tambaya 180 cikin awa biyu. Idan ya rubuta, "'Ai kwana bakwai da yawa,' in ji wanda ya kwashe talatin da biyar yana shiri," ya faɗi gaskiya kuma ya ba da dariya. Abin da ya rage shi ne layin da ke ƙasa. Rukunin da ya san abin da yake yi ba ya barin ba'a ta tsaya ita kaɗai, dole mai ita ya rubuta a ƙarƙashinta aiki ɗaya ƙarami, da lokaci da wuri: "Talata bayan magariba, a zauren gidanmu, tambaya 20 daga babi na uku." Peter Gollwitzer ya nuna tun 1999 cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi "zan yi ƙoƙari" cika. Idan ya kawo tambayoyin 20 ranar Laraba, shi zai ɗauki tsumma ya goge ba'arsa.

Hanyoyin da abin ke lalacewa ma sanannu ne. Na farko shi ne wani ya rubuta a kan wani. Da zarar haka ta faru, an bar ba'a an shiga habaici, kuma Bahaushe ya san habaici ko ba a kama suna ba. Wanda aka yi dominsa zai yi murmushi a ranar, jibi kuma benci ya rasa shi. Na biyu shi ne zagin kai. Akwai tazara mai faɗi tsakanin "na goge tebur ban buɗe littafi ba" da "ni daƙiƙi ne, ba zan taɓa ci ba." Na farkon yana ba'a ne ga abin da aka aikata jiya, wanda ake iya gyarawa yau. Na biyun hukunci ne a kan mutum ɗungurungum, kuma idan irinsa ya fara yawa daga hannun mutum ɗaya, ya kamata babba a rukunin ya ja shi gefe ya tambaye shi, "Ɗan'uwa, lafiya kuwa?" Akwai kuma iyakar da ɗalibai da kansu suke kiyayewa: ba a saka ayoyi ko kalmomin addini a cikin wasan, ba a taɓa iyayen kowa.

Alama mafi sauƙin ganewa ita ce tsufan alli. Idan ba'a ɗaya ta yi mako biyu a kusurwa ba a goge ta ba, har mai ita ya fara amsa sunan Sarkin Gobe yana ɗaga hannu, to ta zama rawani, kuma mai rawani ba ya son a tuɓe shi. A irin wannan hali rukuni kan rage masa aikin zuwa tambaya biyar, a zauna tare da shi ya yi su nan take a kan benci, kafin a kira magariba.