Takardar Kiran Taron Gaggawa: Me Ya Kamata Ta Ƙunsa?

Babban taron shekara na ƙungiyar gama kai ba ya ba kowa mamaki. Wanda ke haddasa rigima shi ne na gaggawa, kuma rigimar galibi daga takardar kira take farawa.

A ɗauki misalin ƙungiyar manoman shinkafa mai mambobi 120 a yankin Kura ta jihar Kano. Ranar Litinin banki ya aiko cewa ya amince da rancen taki, amma yana son ganin amincewar babban taro kafin Juma'a. Sakatare ya rubuta cewa ana neman kowa ranar Alhamis "don tattauna muhimmin al'amari". Nan ya tafka kuskure. Taron gaggawa ba ya yanke hukunci sai a kan abin da aka ambata a takardar kiransa. Kamata ya yi ta faɗi ƙarara cewa za a nemi izinin cin bashin naira miliyan 6, ta ambaci abin da za a jinginar da lokacin biya, sannan rana da ƙarfe nawa da wuri, da sa hannun wanda ya kira taron. Manomin da ya ga maganar bashi zai bar ban ruwa ya zo. Wanda ya ga "muhimmin al'amari" kuwa sai ya ce ya ji daga baya.

Sai batun wa'adi. A Nijeriya dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta sa kowace ƙungiya ta yi rajista tare da dokokinta na cikin gida, kuma a nan ake duba kwanakin sanarwa da yawan mutanen da sai sun hallara taro zai zauna. In dokar ƙungiyar ta ce kwana 7, kwana 3 bai wadatar ba, komai matsin banki. Gara shugaba ya roƙi bankin ƙarin mako guda. In ta ce rubu'in mambobi, to sai mutum 30 sun sa hannu ko sun dangwala a rajistar halarta; 29 hira ce kawai suka yi, dole a ɗage.

Isar da saƙon ma aiki ne. Sanarwa bayan sallar Juma'a tana da amfani, amma ba ta shiga cikin gida wurin matan da ke biyan kuɗin wata, kuma ba ta barin shaida. Shi ya sa gogaggen sakatare ke haɗa takarda da saƙon waya, ya rubuta sunan duk wanda aka kai wa.

Mamban da ba a kira ba yana iya kai ƙara ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha, kuma abin da za a fara nema a gani shi ne takardar kiran da rajistar halarta.