Amsa-amon Dante da Wahalar Masu Fassara shi zuwa Ingilishi

Dante Alighieri, mutumin Florence da ya rasu a 1321, ya bar doguwar waƙa mai babi 100 a kan tafiyarsa cikin Wuta, da Wurin Tsarkakewa, da Aljanna. Ya gina ta da baitoci 'yan ƙwar uku, kowane ɗango mai gaɓa 11. Ɗango na farko da na uku suna amsa amo ɗaya, shi kuwa na tsakiya shi ke ba baiti na gaba amonsa. Haka baitocin ke sarƙe da juna kamar zuben sarƙa, kowanne yana jawo mai karatu gaba.

Wannan tsari ya zauna wa Italiyanci daidai, domin yawancin kalmominsa da wasali suke ƙarewa, kamar na Hausa. Kalmomin Ingilishi kuwa galibi da baƙi suke ƙarewa, don haka samun uku masu amo ɗaya da ma'anar da ake nema aiki ne ja.

Longfellow, a fassararsa ta 1867, ya ajiye amsa-amo, ya bi ma'ana ɗango bayan ɗango. Mai karatu ya san abin da Dante ya faɗa, amma sarƙar ta tsinke. Dorothy Sayers, wadda fassararta ta kashin Wuta ta fito a 1949, ta riƙe tsarin gaba ɗaya, ta kuma biya farashinsa.

Ƙarshen kashin Wuta ya nuna farashin ƙarara. Dante ya rufe kowane kashi na ukun nan da kalmar taurari, don haka mai fassara ba shi da halin gusar da ita. A nan, shi da jagoransa Virgil suna haurowa daga ƙarƙashin ƙasa, sai ya hango kyawawan abubuwan sama ta wata kafa. A Italiyanci, kyawawa da taurari amonsu ɗaya. A Ingilishi ba su haɗu ba. Sai Sayers ta kawo kalmar karusai, wadda amonta ya dace, ta sa karusan sama inda Dante bai ambaci karusa ba. Kunne ya samu, amma an ɗora wa baitin ado a wurin da mawaƙin ya yi magana mai sauƙi.

Ta haka ake gane fassarar da amo ya rinjaya: duba kalmar ƙarshen ɗango, ka nemi takwararta a asali. In babu ita, amo ne ya kawo ta.

Robert Pinsky, a 1994, ya bi tsakiya: ya yarda baƙaƙen ƙarshe su dace ko da wasula sun bambanta. Wannan hanya ta fi gamsar da ni, domin tana faɗaɗa kalmomin da mai fassara zai zaɓa, ta rage masa buƙatar cusa abin da Dante bai faɗa ba, kuma baiti na ci gaba da kiran ɗan'uwansa.