Fayil ya goge a SSD: abin da ke gaskiya da abin da ba haka ba

Duk lokacin kammala aikin bincike, magana ɗaya ce ke yawo tsakanin ɗaliban da ke haya a Gyallesu, na Kongo da na makarantar horon malamai ta tarayya da ke kusa: wai babu abin da ke gogewa da gaske a kwamfuta, in dai an samu gwanin mai gyara zai dawo da shi. Maganar tana da asali, amma zamaninta na wucewa, kuma tana jawo wa mutane asarar kuɗi da aiki.

A tsohon faifai mai juyawa, wato HDD, gaskiya ce. Idan ka goge fayil, Windows sunansa kawai take sokewa a rajista, ta nuna cewa wurin ya zama fili. Bayanan suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Shi ya sa manhaja irin Recuva kan tono fayil bayan watanni.

SSD ba haka yake ba. Yana rubutu ne a ƙananan shafuka masu kilobayit 4 zuwa 16, amma ba ya iya rubutu a kan shafin da ke da rubutu. Kamar allon makaranta ne, sai an wanke kafin a sake rubutu, kuma ba a wanke shafi ɗaya, sai tarin ɗaruruwan shafuka a lokaci guda. Don kada faifan ya tsaya wanki lokacin da ake son rubutu, aka ƙirƙiro umarnin TRIM, wanda Windows 7 ta zo da shi a 2009. Da ka goge fayil, Windows za ta aika wa faifan cewa ba a bukatar waɗannan wurare. Faifan ya cire su daga taswirarsa, daga baya ya share su da kansa.

A ce wata ɗaliba ta goge babi na huɗu da `Shift+Delete`. Mai gyara ya kunna Recuva, ga sunan fayil ɗin ya fito, har da girmansa da ranar da aka ajiye shi. Kowa ya yi hamdala. Aka dawo da shi, Word ta ƙi buɗewa. Sunan daga rajistar Windows ya fito, wadda ba a riga an cike gurbinta ba, amma da manhajar ta nemi abin da ke ciki, faifan sifili zalla ya ba ta. To ganin suna a jeri ba shaidar komai ba ne. Kada ka biya kuɗin aiki sai ka buɗe fayil ɗin ka karanta da idonka.

Ana kuma cewa a kashe TRIM sannan a nema. Aikin banza ne, domin saƙon ya riga ya isa, kuma ba a janye shi. Mai son sanin ko TRIM na aiki a kwamfutarsa ya rubuta wannan a Command Prompt:

```
fsutil behavior query DisableDeleteNotify
```

Idan amsa ta zo 0, yana aiki. Idan 1 ce, a kashe yake.

Akwai masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, suna cewa komai ya goge a SSD ya tafi ke nan. Wannan ma ba daidai ba ne. Fayil da ke cikin Recycle Bin bai gogu ba tukuna, babu TRIM a kansa sai an zubar da kwandon. Yawancin filash da katin memori ba sa karɓar wannan umarni daga Windows, don haka ana iya tono su kamar da. Ubuntu kuwa sau ɗaya a mako ta saba aika umarnin, akwai ɗan sarari. Sannan idan Windows ce ta ƙi tashi, ba a goge komai ba, sau da yawa a kan ciro faifan a kwashe bayanan lafiya lau. Haɗarin yana wajen mai gaggawar cewa "bari mu yi fomatin", domin ko gajeren fomatin yana aika TRIM ga ɓangaren faifan gaba ɗaya.

Idan abin ya faru, kashe kwamfutar nan take, domin muddin akwai wuta a jikin faifan yana iya ci gaba da shara ko ba ka taɓa komai ba. Wannan ba tabbacin dawowa ba ne, hana ƙarin ɓarna ne kawai. Daga nan ka nemi kwafi a wani wuri: imel ɗin da ka tura wa malaminka, WhatsApp, kwamfutar shagon da aka buga maka takarda, ko kwandon Google Drive, wanda ke riƙe abin da aka goge kwana 30.

Ɗan'uwa, in SSD ne a kwamfutarka, ajiye kwafin aikinka a filash da kuma imel yau ɗin nan, kafin ka rubuta babi na gaba.