Idan Mai Wa'azi Ya Makara

Jagoran sujada ya fara tambayar minti nawa suka rage baƙon ya iso, domin cike minti 10 dabam yake da cike minti 30. Ya sanar da ikilisiya sau ɗaya cewa baƙon yana kan hanya. Sa'an nan ya faɗi inda baƙon ya yi hidima, ya karanta nassin, ya bayyana tarihinsa. Idan nassin Filibiyawa ne, ya ambaci cewa Bulus ya rubuta wasiƙar yana kurkuku. Amma kada ya shiga fassarar ayoyin, domin wannan aikin mai wa'azi ne. Da baƙon ya zauna ya huta kaɗan, sai a miƙa masa bagade.