Amsa-kuwwa a Taron Bidiyo: Mai Jin Ta Ba Shi Ke Jawo Ta Ba

Tun shekarar 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu aka taƙaita zirga-zirga, taro ta bidiyo ya samu gindin zama a Minna. Malaman Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso da Gidan Kwano, da ma'aikatan gwamnati, da ƙungiyoyin da ke da ofisoshi a Tunga da Chanchaga, duk sun saba da Zoom da Google Meet da Microsoft Teams. Abin da har yau ba a saba da shi ba shi ne yadda za a yi idan mutum ya yi sallama ya ji muryarsa ta dawo masa, ko kuma ɗakin ya ɗauki wata ƙara mai tsini da ke sa kowa ya toshe kunne. Nan take sai a ɗora wa sabis laifi, a ce a fita a sake shiga. Alhali a mafi yawan lokuta sabis bai san hawa ba bai san sauka ba. Matsalar tana cikin ɗaki, tsakanin lasifika da makirfo.

A ɗauka ana taro tsakanin wani ofishi a Tunga da wani baƙo da ke Kaduna. Baƙon ya yi magana, muryarsa ta bi intanet ta fito daga lasifikar kwamfutar da ke Tunga. Makirfon wannan kwamfutar bai san bambanci tsakanin muryar mutanen ɗaki da muryar da ta fito daga lasifika ba, duk abin da ya shiga kunnensa ɗauka yake yi. Sai ya kwashi muryar baƙon ya mayar masa Kaduna. Baƙon ne zai ji kansa sau biyu, su kuwa mutanen Tunga ba za su ji wani aibu ba, har ma su riƙa ce masa ya gyara wayarsa. To wannan ita ce ƙa'idar farko, kuma da za a riƙe ta da rabin gardamar ta ƙare: wanda ke jin muryarsa tana dawowa, nasa kayan lafiya lau suke. A nemi matsalar a wurin wanda ba ya jin komai.

Rawar da sabis ke takawa ita ce ta jinkiri kawai. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya, don haka daga lasifika zuwa makirfon da ke nesa da ita da mita uku bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba. Kunne ba ya raba wannan da asalin maganar. Amma idan murya ta je ta dawo ta intanet, takan ɗauki rubu'in sakan ko fiye, kuma a nan ne kunne ke jin ta a matsayin magana ta biyu, har mai magana ya rasa inda ya tsaya. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin tafiya ɗaya ya wuce kashi 150 cikin dubu na sakan idan ana son hira ta tafi daidai. Raunin sabis yana tsawaita jinkirin, ya sa amsa-kuwwar ta fi fitowa fili, amma ba shi ke haifar da ita ba. Alamar raunin sabis daban take: murya na yankewa, hoto na daskarewa.

Mai karatu zai ce, in haka ne me ya sa ba kowane kira ake jin ta ba? Saboda a cikin manhajar akwai wani sashe da aikinsa ke nan. Dabarar ta girmi intanet, domin injiniyoyin Bell Labs a Amurka, cikinsu har da Mohan Sondhi, sun fito da ita a shekarun 1960 saboda kiran waya na nesa. Manhajar tana riƙe da kwafin duk abin da ta aika wa lasifika. Tana kuma koyon yadda ɗakin ke sauya wannan sautin kafin ya iso makirfo, sai ta cire shi daga abin da makirfon ya ɗauka, ta tura sauran. Iyakarta a fili take: abin da ita da kanta ta aika wa lasifikarta kaɗai take iya cirewa. Sautin da ya fito daga wata na'ura daban, ko da muryar mutumin nan ɗaya ce, baƙo ne a wurinta, kuma wucewa zai yi.

Daga nan ne babbar ɓarnar take fitowa. A ofishin nan na Tunga an ajiye kwamfuta a kan tebur, kowa na kallonta. Sai sakatare ya shiga taron da wayarsa don a ga sunansa a jerin mahalarta, shugaba ma ya shiga da tasa don ya ga takardun da ake nunawa. Yanzu ɗaki ɗaya yana da makirfo uku da lasifika uku. Shugaba ya yi magana, kwamfuta ta ɗauka ta aika, bayan ɗan jinkiri maganar ta fito daga wayar sakatare, kwamfutar ta sake ɗauka ta sake aikawa. Idan a kowane zagaye sautin yana dawowa da rauni, za a ji kalmar ƙarshe tana maimaituwa har ta mutu. Idan kuwa yana dawowa da ƙarfin da ya kai ko ya fi na farko, sai ya yi ta hauhawa har ya zama ƙugin nan da aka sani a wurin wa'azi ko biki, lokacin da mai magana ya matso gaban lasifika. Wani masanin Denmark, Søren Larsen, shi aka fi danganta bayanin wannan ƙugi da shi.

A nan mutane ke yaudarar kansu. Sakatare zai ɗaga waya ya ce ai ya danna Mute. Gaskiya ne, amma Mute makirfo kaɗai yake rufewa, lasifikar wayar tana nan tana magana, kuma ita ce ke ciyar da makirfon kwamfuta. Rage ƙarar ma ba koyaushe yake isa ba, don wasu wayoyin ba sa barin ƙarar kira ta sauka gaba ɗaya. Abin da ke yanke zagayen shi ne a cire wayar daga sautin taron ɗungurungum. A Zoom na waya ana danna More sannan Disconnect Audio, a na kwamfuta kuma Leave Computer Audio. A Teams akwai zaɓin Don't use audio tun kafin a shiga. Google Meet kuwa yana da Companion mode, wanda aka yi shi musamman don mai son ganin allo da yin rubutu ba tare da makirfo ko lasifika ba. A ganina wannan ya kamata ya zama doka a kowane ofishi: ɗaki ɗaya, na'ura ɗaya ke ji ke magana.

Gano mai laifi ba ya buƙatar injiniya. Mai jagorantar taro ya rufe makirfon kowa, ya bar wanda ke ƙorafi yana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Sai a riƙa buɗe na sauran ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka buɗe nasa amsa-kuwwar ta dawo, ta wurinsa take shiga. Idan ya sa abin kunne mai waya ta ɓace, an tabbatar, domin sautin ya daina fita cikin ɗaki.

To idan na'ura ɗaya ce a ɗakin kuma har yanzu ana jin ta fa? Sai a duba saiti. Farko a rage ƙarar lasifika. Ƙananan lasifikokin kwamfuta idan aka ƙure su suna gurɓata sauti, abin da ya fito ya daina kama da kwafin da manhajar ke riƙe da shi, sai cirewar ta gagara. Mutum yakan ƙure su ne saboda ƙarar janareta da fanka, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ke tsananta a Minna. Na biyu, a shiga Settings sannan Audio, a ga wace lasifika da wane makirfo aka zaɓa. Da zarar an jona talabijin ko majigi da wayar HDMI, kwamfuta takan karkatar da sauti can ba tare da ta nemi izini ba. Talabijin yakan ƙara nasa jinkirin, ga ƙarfin murya, ga ɗaki mai tayil da gilashi da ke ta mayar da sauti. Wani lokaci manhajar ta iya da shi, wani lokaci ta kasa. Test Speaker da Test Mic na Zoom suna nuna inda sautin ke fita da inda yake shiga kafin kowa ya iso. A Zoom ɗin kuma a tabbata Original sound for musicians a kashe yake, domin an yi shi ne don makaɗa kuma yana janye wasu daga cikin matakan tace sauti.

Akwai wani saiti a Windows da ke sa mutum ya ji muryar kansa ko ba ya cikin taro, kuma shi ne togaciya ga ƙa'idar farko. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta:

```
mmsys.cpl
```

A shiga Recording, a zaɓi makirfon, a buɗe Properties sannan Listen, a cire alamar da ke kan Listen to this device. A wannan shafin kuma a tabbata ba Stereo Mix aka zaɓa a matsayin makirfo ba, domin shi duk abin da kwamfuta ke fitarwa yake kwashewa ya mayar cikin taron.

Babban zaure nasa sha'anin daban ne, kuma nan aka fi jin kunya a gaban baƙi. An ɗauko masu hayar lasifika, sun jona kwamfuta da miksa don jama'a su ji baƙon da ke nesa, sannan sun ɗauki babbar mafitar miksar sun mayar wa kwamfutar don baƙon ya ji jama'a. Ba su lura cewa a cikin abin da suka mayar akwai muryar baƙon kansa ba, wadda ta koma masa ta cikin waya ba tare da ta ko taɓa iska ba. Gyaran shi ne a ciyar da kwamfutar daga mafitar AUX, a buɗe mata layukan makirfon zaure, a mayar da maɓallin AUX na layin kwamfutar zuwa sifili. Ta haka baƙon zai ji kowa ban da kansa. Lasifikokin kuma su kasance gaba da masu magana suna fuskantar jama'a, makirfo ya tsaya kusa da baki. Nisa yana da tasiri sosai: a fili, idan aka ninka tazarar da ke tsakanin makirfo da lasifika, ƙarfin abin da ke isa makirfon yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ko da yake bangon zaure yana rage wannan ribar.

Duk wannan ba a gano shi daga cikin zaure, domin mutanen zaure ba su ne ke jin amsa-kuwwar ba. Saboda haka masu shirya taro, kafin baƙi su zauna, ku tura mutum ɗaya waje da waya da abin kunne, ya shiga taron daga can ya yi magana na minti ɗaya. Idan ya ji muryarsa ta dawo, babban baƙonku ma zai ji tasa.